Kuɗin Imfires Bai Tashi Daidai Ba: Tambayoyi da Amsoshi Kan Gibi Tsakanin Bauca da Kuɗin da Ke Akwati

Waɗannan amsoshi na mai riƙe da imfires ne, wato akwatin kuɗin ƙananan buƙatu, a ofis, makaranta, asibiti ko shago, da kuma akantan da ke duba aikinsa. Misali ɗaya muka ɗauka, na akwatin da aka yanke wa naira 100,000, kuma shi za mu bi har ƙarshe.

Me ake nufi da cewa imfires "ya tashi daidai"?

Tsarin imfires ya tsaya ne a kan adadi ɗaya da ba ya motsi. Hukumar wurin ta yanke cewa akwatin naira 100,000 ne, ta damƙa wa mutum ɗaya. Duk abin da ya fita daga akwatin, takarda ce ke maye gurbinsa, wato bauca, takardar shaidar abin da aka biya. Saboda haka ko yaushe aka buɗe akwatin, da safe ne ko da yamma, farkon wata ko tsakiyarsa, abin da ke ciki na tsabar kuɗi da na takarda dole ya koma 100,000 cif:

tsabar kuɗi + baucocin da ba a mayar da kuɗinsu ba tukuna + kuɗin da aka bayar ba a kawo rasit ba = adadin imfires

In jimlar ta gaza, akwai gibi. In ta haura, akwai rara. Duka biyun alama ce cewa wani abu bai shiga takarda yadda ya faru ba.

Wannan ne ya bambanta imfires da akwatin da ake ta zuba wa kuɗi duk lokacin da ya yi ƙasa, yau dubu ashirin, jibi dubu talatin. A irin wancan akwati babu adadin da za a auna da shi, sai an bi tarihin shige da fice tun daga tushe.

Na ƙirga na ga bai yi daidai ba. Me zan fara yi?

Rufe akwatin tukuna. Kada a sake biyan ko sisi daga ciki har a gama, ko da manaja ne ya aiko a sayo ruwa. Ƙirga kuɗi ana ci gaba da kashewa kamar awon hatsi ne a buhun da ya huje.

Sai ka kira mutum na biyu, wanda ba ya taɓa akwatin, ku sake ƙirgawa tare. A ware takardun kuɗi kowane iri daban, a rubuta yawan kowanne a takarda, ba jimla kaɗai ba. A misalinmu, ranar ƙarshen wata an samu:

- 'yan dubu-dubu guda 14: 14,000
- 'yan ɗari biyar guda 11: 5,500
- 'yan ɗari biyu guda 9: 1,800
- 'yan ɗari guda 7: 700
- 'yan hamsin guda 6: 300
- 'yan ashirin guda 5: 100

Jimla 22,400. Dalilin rubuta shi haka shi ne, in an sake ƙirga aka samu wani adadi, nan take za a san a wane rukuni aka yi kuskure. Sababbin takardu kan manne da juna, kuma tsohuwar ɗari biyar da ta sha hannu tana iya shiga cikin 'yan ɗari biyu ba a lura ba. A ɗaga tiren akwatin a duba ƙarƙashinsa, a duba ambulan da aka zo da kuɗi daga banki, a duba tsakanin baucocin kansu, domin sau da yawa wanda aka aika kan dawo da canji naɗe cikin rasit.

Ku biyun ku sa hannu a takardar ƙirgar, da kwanan wata da lokaci. Daga nan adadin tsabar kuɗi ya zama tabbatacce, bincike ya koma kan takardu.

A misalinmu littafin akwati ya nuna an kashe 68,350 a baucoci masu lamba 041 zuwa 058, kuma akwai 'yar takardar da direba ya sa wa hannu cewa ya karɓi 5,000 bai kawo rasit ba tukuna. In aka haɗa 22,400 da 68,350 da 5,000, an sami 95,750. Gibin 4,250 ke nan.

Ta ina ake bi a gano inda 4,250 ɗin ya shiga?

A bi daga mai sauƙi zuwa mai wuya, kuma duk abin da aka gano a rubuta shi tare da ragowar gibin, don kada a ruɗe a tsakiya.

Na farko, jera baucocin bisa lambobinsu. Daga 041 zuwa 058 baucoci 18 ne, ba 17 ba. Mutane da yawa kan ɗebe 41 daga 58 su sami 17 su wuce, alhali ita 041 ɗin ma tana cikin lissafi. Da aka jera sai aka ga guda 17 ne a hannu, babu 053, kuma a littafi ma an tsallake ta. Kwafin da ya rage a jikin littafin bauca ya nuna 1,200 ce ta ruwan sha, asalin kuma yana kan teburin manaja yana jiran sa hannu tun mako biyu da suka wuce. Kuɗi sun fita, takarda ba ta dawo ba. Gibi ya koma 3,050.

Na biyu, a tabbatar cewa watan ya fara da 100,000 cikakku. Wannan mataki shi aka fi mantawa da shi, domin kowa na ɗauka cewa tunda an sa hannu a mayar da kuɗi, kuɗin sun shiga akwati gaba ɗaya. A nan an tura wa kashiya kuɗin cikon watan jiya ta asusunsa, ya je wurin mai na'urar cirar kuɗi a bakin titi, aka cire masa ladan 300. Ba a rubuta wa wannan 300 bauca ba. Ma'ana akwatin ya fara watan da 99,700, littafi kuwa yana cewa 100,000. Ladan cirar kuɗi kashewa ce ta halal in hukuma ta yarda da wannan hanya, sai a rubuta masa bauca ta 059 a maƙala 'yar takardar na'urar. Gibi ya koma 2,750.

Na uku, shi ne aiki mai cin lokaci: a ɗauki kowace bauca a gwada ta da rasit ɗin da ke jikinta, sannan a gwada ta da layinta a littafi. Abu uku ake kallo, adadin da ke rasit, adadin da ke bauca, adadin da ke littafi. Ya fi kyau mutum ɗaya ya riƙa karanta bauca da ƙarfi, ɗayan yana sa alama a littafi, domin ido in ya saba da rubutun mai shi yakan ga abin da yake zato, ba abin da ke rubuce ba. A bauca ta 047, ta takardun buga aiki da tawada, rasit da bauca duka sun ce 6,300, amma a littafi an rubuta 3,600. An juya lambobi. Bambancin 2,700 ne. Gibi ya koma 50.

Na huɗu, a sake tara jimlar littafin daga ƙasa zuwa sama, a kuma tara ginshiƙan rabe-rabe, wato na man fetur, na sufuri, na kayan rubutu da sauransu, a ga ko jimlarsu ta yi daidai da babban ginshiƙi. A nan duk sun yi daidai. Naira 50 ɗin ba a gano ta ba. Mai yiwuwa canji ne da mai shago ya ce babu, aka bar masa.

Abin lura shi ne, gibin 4,250 ba abu ɗaya ba ne, abubuwa huɗu ne suka taru. Da an tsaya ana neman baucar da ke ɗauke da 4,250 daidai, da an wuni ba a samu ba.

An ce in gibi ya rabu da tara, juyin lamba ne. Gaskiya ne?

Gaskiya ne cewa duk juyin lambobi biyu yana haifar da bambancin da tara ke rabawa ba saura. 6,300 da 3,600 bambancinsu 2,700, in ka raba da tara ka sami 300. Wannan 300 ma yana da bayani: yana nuna cewa lambobin da aka juya suna gurbin dubbai da ɗaruruwa, kuma tazarar da ke tsakaninsu uku ce. Sai ka nemi baucocin da suka fara da 14 ko 41, 25 ko 52, 36 ko 63, haka har zuwa 69 ko 96. Wannan kan rage baucoci ashirin zuwa biyu ko uku.

Haka ma in an zubar da sifili ko an ƙara shi. Wanda ya rubuta 450 a maimakon 4,500 ya haifar da bambancin 4,050, in an raba da tara sai 450 ta fito, wato ainihin adadin da aka rubuta a littafi.

Akwai kuma dabarar rabawa biyu. In an rubuta abu a ɓangaren da ba nasa ba, misali canjin 600 da aka dawo da shi aka shigar da shi a matsayin kashewa, bambancin zai ninka ya zama 1,200. Don haka ka raba gibin biyu ka duba ko akwai wannan adadi a littafi.

Amma duk waɗannan dabaru suna aiki ne in kuskuren ɗaya ne tak. A misalinmu 4,250 bai rabu da tara ba, 2,750 ma bai rabu ba saboda waccan naira 50, alhali juyin lamba yana ciki. Kuma gibi na iya rabuwa da tara don dacewa kawai. Dabarar tana nuna inda za a fara leƙawa ne, ba ta ɗauke wa kowa gwada bauca ɗaya bayan ɗaya ba.

Kuɗin da ke akwati sun fi abin da ya kamata. Ai wannan ba matsala ba ce?

Matsala ce, kuma mu mun fi damuwa da ita a kan ƙaramin gibi. Kuɗi ba sa haihuwa a akwati. In sun yi yawa, to takarda tana cewa an kashe abin da ba a kashe ba, ko kuma kuɗin wani sun shigo.

Abin da ya fi jawo rara shi ne rubuta bauca da adadin da aka miƙa, ba adadin da aka kashe ba. An ba masinja 4,000 ya sayo makulli, aka rubuta bauca 4,000, ya dawo da rasit na 3,550 da canjin 450. Canjin ya koma akwati, bauca ba ta canza ba. Yanzu akwai rarar 450, kuma kamfani zai mayar da 4,000 a kan kashewar 3,550. Sauran dalilai: an shigar da bauca ɗaya sau biyu, an rubuta bauca amma mai kuɗin bai zo ya karɓa ba tukuna, ko an jefa kuɗin ciniki a akwatin, kamar kuɗin sayar da fom ko tsofaffin kwalaye.

Wannan na ƙarshe a guje shi ƙwarai. Kuɗin shiga suna da rasit ɗinsu da hanyarsu zuwa banki. Da zarar sun gauraya da imfires, adadin da ake aunawa da shi ya rushe, kuma rarar tana iya rufe gibi na gaske. Akwatin da ke da gibin 2,000 da kuɗin fom 2,000 zai tashi daidai a ido, alhali kurakurai biyu ne a ciki.

In an bincika ba a gano tushen rara ba, a rubuta ta, a ɗebe ta daga kuɗin cikon da za a nema. Kashiya ba ya sa ta a aljihu, ba ya kuma ɓoye ta a gefe don ranar da za a yi gibi.

Yaya ake lissafa kuɗin da aka ba mutum bai kawo rasit ba?

Ana ƙirga shi a wajen daidaitawa, amma ba kashewa ba ne tukuna, bashi ne a wuyan wanda ya karɓa. Takardar ta ɗauki sunansa, adadi da lamba da kuma kalmomi, abin da zai saya, kwanan wata da sa hannunsa. Maganar baki, irin "ai Malam ya karɓi dubu biyar", ba ta shiga lissafi. In babu takarda, gibi ne har sai an samo sa hannu.

A sa wa'adi gajere, kwana biyu ko uku, sai dai in tafiya ce. Takardar da ta kwana wata biyu a akwati ta daina zama aike, ta zama rancen da ba a amince da shi ba. A mayar da ita ofishin akanta a rubuta ta a matsayin bashin ma'aikaci, a fitar da ita daga akwati. Mun san cewa wannan yana da nauyi in mai bashin babba ne a wurin, kuma ƙaramin ma'aikaci ba zai iya tsare shugabansa da tambaya ba. Shi ya sa ya kamata jerin irin waɗannan takardu, da kwanakin da kowace ta yi, ya riƙa fitowa a takardar daidaitawa ta kowane wata, don akanta ya yi maganar a madadin kashiya.

To nawa za a nema a cike akwatin bayan an gano kurakuran?

A nan ake yawan zamewa. Hanyar da ta fi saurin zuwa zuciya ita ce a ɗebe 22,400 daga 100,000 a nemi 77,600. Wannan kuskure ne, domin ya haɗa da 5,000 ɗin direba. In aka biya haka, ranar da direba ya kawo rasit da canji akwatin zai zama na 105,000.

Lissafin daidai shi ne a tara baucocin da aka gyara: 68,350 da 1,200 da 300 da 2,700, wato 72,550. A ƙara naira 50 ta gibin da hukuma ta amince a yafe. Abin nema 72,600 ne. Gwaji: 22,400 na akwati, da 5,000 na direba, da 72,600 na ciko, sun koma 100,000.

In kuwa direba ya zo kafin a rufe, ya kawo rasit na 4,400 da canjin 600, sai a yaga takardarsa a gabansa ko a mayar masa, a rubuta bauca ta 4,400. Baucoci sun zama 76,950, tsabar kuɗi 23,000, gibi yana nan 50, ciko 77,000.

A babban littafin lissafi, asusun imfires ba ya motsi a lokacin ciko, yana nan a 100,000. Abin da ake yi shi ne a yi debit na asusun kashe-kashe, a yi kiredit na banki. A lissafin farko: man janareta 28,000, kayan rubutu 14,300, sufuri 13,750, ruwa da shayi 9,200, gyare-gyare 7,000, ladan cirar kuɗi 300, asusun gibi da rara 50, sannan kiredit na banki 72,600. Asusun imfires yana motsi ne kawai ranar da hukuma ta ƙara adadin, ta rage shi, ko ta rufe akwatin.

Duk baucar da aka mayar da kuɗinta a buga mata hatimin "an biya" da kwanan wata, har da rasit ɗin da ke jikinta, a kuma ɗauke ta daga wurin kashiya. Rasit ɗin da ba a kashe shi da hatimi ba yana iya dawowa wata mai zuwa.

Ba zai fi sauƙi in cika naira 50 ɗin daga aljihuna ba, ko in rubuta mata baucar "kuɗin mota"?

Kada ka yi ko ɗaya. Baucar ƙarya ƙarya ce ko ta naira 50 ce, kuma ranar da mai binciken kuɗi ya kama guda ɗaya, duk sauran baucocinka na gaskiya sun shiga zargi. Cikawa daga aljihu kuwa tana da illa biyu. Tana ɓoye matsalar da ya kamata a gani, sannan in daga baya aka gano cewa bauca ce aka manta, ba ka da hujjar karɓar kuɗinka, domin takarda ta nuna babu gibi.

Asusun gibi da rara don wannan aka buɗe shi. Hukuma ta rubuta iyaka, misali duk abin da bai wuce naira 200 a wata ba akanta na iya yafewa da sa hannunsa, abin da ya haura sai shugaba ya gani. Iyakar ta danganta da girman akwatin. Amfanin asusun shi ne a ƙarshen shekara a ga salon abin. Wata gibin 50, wata rarar 30, wata babu komai, wannan halin canji ne a kasuwar da ƙananan takardun kuɗi ke wuya. Amma gibin 150 ko 180 kowane wata, kullum ƙasa kaɗan da iyaka, kuma ba a taɓa samun rara ba, wannan abin zama a tattauna ne.

Yaya zan gyara kuskuren da ke littafi?

A ja layi ɗaya a kan 3,600 yadda za a iya karanta shi, a rubuta 6,300 a samansa, mai gyara da mai dubawa su sa hannu a gefe. Ba a gogewa, ba a shafa farin ruwa, ba a yage shafi. In an riga an rufe watan an shigar da shi babban littafi, kada a koma a taɓa shi, a yi sabon shigarwa na 2,700 da bayanin cewa gyaran bauca ta 047 ne. Baucar da aka ɓata wajen rubutu a soke ta a bar ta a jerinta, don lambarta kada ta zama rami.

Masu aiki da Excel su kula da abu biyu. In an ƙara layi a ƙasan jeri, wani lokaci jimlar ba ta ɗauke shi ba, sai a duba iyakar da ke cikin `=SUM(D5:D22)` a ga ta kai layin ƙarshe. Sannan adadin da ya shiga a matsayin rubutu, misali wanda aka buga harafin N a gabansa, `SUM` tana tsallake shi ba tare da gargaɗi ba. `=COUNT(D5:D22)` tana ƙirga lambobi kaɗai, don haka in ta ce 17 kai kuwa baucoci 18 ne a hannunka, ka san akwai layin da bai shiga jimla ba.

Mai shayi da ɗan acaɓa ba sa ba da rasit. Yaya za a yi da su?

Bauca ce ke tsayawa a madadin rasit, amma da cikakken bayani: daga ina zuwa ina, don wane aiki, nawa, wa ya je. Wanda ya karɓi kuɗin ya sa hannu, wani daban wanda ba kashiya ba ya amince. "Sufuri, 2,000" kaɗai ba bayani ba ne. A kuma sa iyakar abin da za a iya biya ba rasit.

Rasit ɗin na'ura, irin na gidan mai da manyan kantuna, rubutunsa yana dushewa da zafi da haske. A ɗauki hotonsa ko a yi masa kwafi ranar da ya zo, a maƙala tare.

Takardar kuɗi ta yage ko ta jabu fa, tana cikin ƙirga?

Wadda ta yage amma banki zai karɓa, a ƙirga ta, a rubuta ta a layi daban, a kai ta banki a ciko na gaba. Ta jabu ba kuɗi ba ce. A ware ta, kada a mayar da ita kasuwa, a rubuta darajarta a matsayin gibi da bayanin yadda ta shigo in an sani, a sanar da akanta.

Wani ɓangare na kuɗin yana asusuna na banki, ina biya da taransifa. Ya halatta?

Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 wannan ya zama ruwan dare, kuma yana cikin abubuwan da ke rikita daidaitawa. In kuɗin ofis suna cikin asusunka tare da albashinka, babu wanda zai iya ƙirga su, kai kanka ma sai dai ka ce "saura kaza". Ga kuma ƙananan cajin banki da ke zaftarewa ba bauca.

In dole ne a riƙa biya da taransifa, a buɗe asusu daban na wannan aiki kaɗai, da sunan wurin in zai yiwu. Sai lissafin ya ƙaru da abu ɗaya: tsabar kuɗi, da ragowar asusun a daidai lokacin ƙirga, da baucoci, da kuɗin da ke hannun mutane. A buga bayanan asusun na watan, a tara cajin banki a rubuta musu bauca ɗaya. Taransifar da aka cire kuɗinta amma ba ta isa ba, a rubuta ta a layi daban tare da lambar shaidarta har banki ya dawo da kuɗin. In an sake biyan mai kayan da tsaba a ranar, a kula kada a rubuta bauca biyu a kan saye ɗaya.

Yaushe za a fara tunanin ba kuskure ba ne?

Ba a fara da zargi, domin mafi yawan gibi takarda ce ta ɓace ko lamba ta juye, kuma zargin mai gaskiya tabo ne da ba ya gogewa da sauri. Amma akwai alamomin da ba a kawar da kai daga gare su: adadin da aka yi wa ƙari da wani alƙalami, kamar 1,500 ya koma 4,500 ko 7,500, adadin lamba da na kalmomi sun saɓa, rasit daga shaguna daban-daban da rubutun hannu iri ɗaya, rasit na shago ɗaya masu lambobi a jere alhali makonni ne tsakaninsu, saye ɗaya da aka raba gida biyu don ya tsallake iyakar amincewa, man janareta da ya wuce awannin da janareta ya yi aiki.

Akwatin da kullum yake tashi daidai ranar da aka sanar za a ƙirga, amma kashiya ya riƙa neman a jira shi zuwa gobe in an zo ba zato, shi ma abin lura ne, domin ana iya aro kuɗi a cike na kwana ɗaya. Maganinsa ƙirgar ba-zata, a gaban kashiya, ba a bayan idonsa ba.

In an kai nan, akanta ya karɓi littafi da baucoci ya adana, a ba mutumin dama ya yi bayani a rubuce. Game da cire gibin daga albashi, dokar ƙwadago ta Najeriya ta taƙaita abin da mai aiki zai iya yanka daga albashin ma'aikaci, don haka a duba takardar ɗaukar aiki da ƙa'idar wurin, a nemi shawarar masanin doka kafin a yanke. Kafin a ɗora wa kashiya, a kuma tambaya mutum nawa ne ke da makullin. In uku ne, ba za a iya ɗora wa ɗaya ba.

Sau nawa ya kamata a riƙa daidaitawa?

Kashiya ya ƙirga wa kansa kowace yamma, aikin minti biyar ne, kuma gibin yau ana tuna dalilinsa, na mako uku kuwa an manta. Cikakkiyar daidaitawa da shaida a yi ta duk lokacin neman ciko, da ƙarshen wata, da duk ranar da akwatin zai sauya hannu, ko da hutun kwana uku ne. Mai bayarwa da mai karɓa su ƙirga tare su sa hannu. A ma'aikatun gwamnatin tarayyar Najeriya, ƙa'idojin kuɗi sun tanadi a yi ritayar imfires na dindindin zuwa 31 ga Disamba, wato a miƙa baucoci a mayar da ragowar kuɗin, sannan a ba da sabo a sabuwar shekara. Wanda ya bar gibin watan Maris ba a warware ba, a Disamba zai same shi yana jiransa, lokacin da rasit ya dushe kuma wanda aka aika wataƙila an yi masa canjin wurin aiki.